Na roƙi dilana ya ƙara min wa'adin biya ya yi shiru, yaya zan sake tunkararsa?

Assalamu alaikum. Ina da shagon kayan masarufi a Azare. Shekara biyu da rabi ke nan ina saro kaya wurin wani Alhaji a Kasuwar Singa ta Kano, duk sati biyu ina lodin kayan kusan naira miliyan 2, in biya bayan kwana 7. Kusan rabin kayan fulawa ce da sukari, masu gidajen burodi nake ba, su kuma sai bayan sati biyu suke biyana, wani lokaci su ƙara kwana biyu ko uku. Dole nake ranto kuɗi in cika na Alhaji. Sau biyu kawai na taɓa yi masa latti, na kwana uku-uku. Man girki da sabulu na kusan naira 600,000 kuma wurin wani dila daban nake saya da kuɗi hannu. Makon jiya na tura wa Alhaji saƙo kamar haka: "Alhaji don Allah a taimaka a ƙara min lokacin biya, ko sati uku ne ko wata ɗaya, wallahi kasuwa ba ta tafiya, abubuwa sun yi min yawa." Ya karanta bai ce komai ba. Ina jin nauyin sake yi masa magana. Me zan ce?

Mai shago daga Azare

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya yi wa kasuwa albarka.

Shirun Alhaji bai ba ni mamaki ba, kuma ban ɗauke shi a matsayin ƙi ba. Na yi shekaru ina riƙe da littafin bashi a shagon wani dila, na ga yadda irin wannan saƙo yake sauka. Maigidan zai karanta, ya kife wayar a kan tebur, ya juyo ya ce da ni, "Duba min nawa ne a kan wane." Tambayar da take fara zuwa masa ke nan. Kai ka rubuta saƙon ne da niyyar neman sauƙi, shi kuma abin da ya karanta shi ne mutumin da yake riƙe masa da miliyan 2 ya ce kasuwarsa ta tsaya, abubuwa sun yi masa yawa, kuma bai ma san ranar da zai iya biya ba, tunda ya ce ko sati uku ko wata ɗaya. Mai kuɗi a hannun mutum in ya ji haka, ba tunanin ƙara wa'adi yake ba, tunanin yadda zai karɓo na baya yake yi.

Abin da ya fi damuna shi ne maganar da ka faɗa masa ba ita ce gaskiyar halinka ba. Kasuwarka tana tafiya. Wanda yake sauke kayan miliyan 2 duk sati biyu, shekara biyu da rabi, ba a cewa kasuwarsa ta mutu. Matsalarka ta kwanaki ce: kana biya a kwana na 7, ana biyanka a kwana na 17 ko na 20. Tsakanin waɗannan ranaku biyu ne kake yawon rance. Wannan matsala ce ta mai ciniki, kuma kowane dila ya san ta, domin shi ma yana cikinta. Ka ɗauki matsalar mai ciniki ka sa mata rigar mai karaya, saboda mun saba in za mu nemi abu wurin babba sai mu ƙanƙantar da kanmu. A gaisuwa hakan ladabi ne. A maganar bashi kuwa yana rage maka daraja a littafi.

Kafin mu zo ga kalmomin da za ka faɗa, zauna a kujerar Alhaji ka yi lissafin da na tabbata ya riga ya yi a ransa. Kana lodi duk kwana 14. In ya ba ka kwana 21 a kan dukkan kayan, ranar da za ka zo lodi na biyu ba ka biya na farko ba tukuna. Daga wannan rana har sati guda, kuɗinsa da ke hannunka miliyan 4 ne, ba miliyan 2 ba. Kai kana ganin kwanaki ka nemi a ƙara maka, shi yana ganin ka nemi ya ninka bashin da yake binka. In kuma wata ɗaya ne, lodi na uku zai tarar da na farko ba a biya ba, a kai miliyan 6 na ɗan lokaci. Mutane da yawa da ke neman ƙarin wa'adi ba sa lura da wannan, shi ya sa suke mamakin yadda maigida mai sakin fuska yake ɗaure ta daga jin maganar.

Sai kuma irin kayan da kake so a jinkirta. Fulawa da sukari kaya ne da dila yake zuba kuɗi kafin kamfani ya sakar masa mota, ribar da ke kan buhu kuma ba ta da kauri. Abin da yake ci a kansu yana zuwa ne daga saurin juyawa. Mu ƙaddara kuɗinsa yana juyawa sau ɗaya a sati, yana samun naira 2 a kan kowace 100. Miliyan 1 da za ta ƙara kwana 14 a hannunka ta rasa juyi biyu ke nan, wato kusan naira 40,000 a kowane lodi. Wannan ƙiyasi ne na misali, kai ka fi ni sanin ribar buhu a yanzu, sai ka gyara shi. Ga kuma fargabar tashin farashi. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, naira kuma ta faɗi, 'yan kasuwa sun sha sayar da buhu bashi, kafin kuɗin ya dawo ya kasa sayo buhu ɗaya a kamfani. Wanda wannan ya taɓa cizo ba ya mantawa.

To ka ga yanzu mun san nauyin abin da kake nema. Ba alfarma ce ta fatar baki ba, abu ne mai farashi, kuma muddin ba ka nuna masa ka san farashin ba, zai ɗauka so kake ya ɗauke maka kaya ya ɗora a kansa. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Gyara na farko shi ne ka rage abin da kake nema zuwa iyakar abin da kake buƙata. Taliya da madara da sauran kayan kanta suna fita da kuɗi hannu, ba su da matsala, ka bar su a kan kwana 7 kamar yadda aka saba. Ƙarin wa'adin a kan fulawa da sukari kaɗai za ka nema, wato kusan miliyan 1. Bi lissafin da kanka: ka yi lodi ranar Alhamis, miliyan 2 na kanka. Alhamis mai zuwa ka biya rabi, saura miliyan 1. Alhamis ta biyu ka sake lodi, ya zama miliyan 3. Alhamis ta uku ka biya cikon lodin farko da rabin na biyu, ya dawo miliyan 1. Haka zai riƙa tafiya, kuma bashin ba zai taɓa wuce miliyan 3 ba. Wannan adadi, miliyan 3, kai za ka fara furta shi da bakinka, ka ce shi ne iyaka. Dila yana samun natsuwa da mutumin da ya kafa wa kansa iyaka tun ba a kafa masa ba.

Ka kuma duba ko kwana 21 ɗin za su ishe ka da gaske, domin alkawarin da za ka karya gara ba ka ɗauke shi ba. Ƙirga daga ranar da mota ta tashi daga Kano, ba daga ranar da ka kai wa mai burodi ba. Kaya su iso washegari, ka raba su cikin kwana biyu, an kai kwana na 3. Ƙara sati biyu, kwana na 17. Ƙara kwana ukun da suke ja maka, kwana na 20. Kwana ɗaya tak ya rage maka. Wannan ya yi matsi, kuma maganinsa ba wurin Alhaji yake ba, wurin masu burodin yake. Burodi kullum ake sayar da shi, kuɗinsa kullum suke shiga, don haka babu dalilin da zai hana su ba ka wani abu duk ƙarshen sati. Ka zauna da su tun kafin ka je Kano, ka ce daga yanzu kashi ɗaya cikin uku a kwana na 7, ragowar a kwana na 14. Wanda ya saba ja maka kwana uku, ka rage masa buhu har sai ya daidaita. In ka yi wannan, za ka shiga shagon Alhaji kana magana a kan abin da ka riga ka ɗaure, ba abin da kake fata ba.

Sai abin da za ka ba shi, kuma ka riga ka faɗe shi a wasiƙarka ba tare da ka san darajarsa ba. Naira 600,000 na man girki da sabulu da kake kai wa wani dila duk lodi, kuɗi hannu. In Alhaji yana sayar da su, ka dawo da wannan ciniki wurinsa. Yana ƙara masa riba, sannan yana sa masa tsabar kuɗi a hannu a ranar da kayansa suke fita bashi, wanda shi ne abin da ya fi buƙata a ranar. In ribarsa a kansu ta kai naira 3 a kan 100, ya samu 18,000, an cike kusan rabin giɓin nan na 40,000. Amma ka fara kwatanta farashinsa da na wancan dilan. In nasa ya fi tsada sosai, ka san cewa bambancin shi ne kuɗin da kake biya na wa'adin, sai ka auna shi da abin da rancen da kake yi yanzu yake ci maka, na kuɗi da na zubar da mutunci.

Kana iya ƙarawa da ɗan ƙari a kan farashin buhu, misali naira 500 a kan kowanne. A buhu 20, naira 10,000 ke nan. A nan sai an yi hattara saboda addini, kuma Alhaji zai lura ko ka san iyakar. Mafi yawan malamai sun halatta a sayar da kaya bashi da farashin da ya fi na kuɗi hannu, da sharaɗin a yanke farashi ɗaya da rana ɗaya tun lokacin ciniki, a tashi a kai. Abin da bai halatta ba shi ne bashi ya riga ya tabbata a kanka, sannan a ce an ƙara maka kwanaki an kuma ƙara kuɗi. Wannan riba ce ta haramun, ko da kai ka kawo shawarar. Don haka kada ka ce masa in ka yi latti ya ɗora maka wani abu a kai. Kada kuma ka ce za ka biya da farashin ranar biya don ka kwantar masa da hankali a kan tashin kaya, domin cinikin da ba a san farashinsa ba lokacin ƙulla shi ba ingantacce ba ne, kuma ko a kasuwance ƙofar rigima ce. Wannan ne ma ya sa nake so sabon tsarin ya fara daga lodi mai zuwa. Duk abin da ke kanka na baya, ka biya shi tsaf a kan tsohon wa'adi kafin ka buɗe baki.

Akwai wani abu da ba ya cin ko kwabo amma diloli suna jin daɗinsa: ka riƙa turo odarka tun ranar Litinin alhali lodi sai Alhamis. Wanda ya san buhu nawa za su fita a sati yana iya tsara abin da zai ɗauko daga kamfani.

Abin da ba na so ka yi tayinsa shi ne ɗaukar kayan da suka kwanta masa. Na ga mutane sun yi haka don a ga kirkinsu, suka kwashi katan-katan na abin da ba a nema a garinsu, wa'adi ya cika kayan na nan a jibge, bashin da aka nemi sauƙinsa ya ƙaru. Haka ma alkawarin ninka oda. Kada ka ambaci adadin da shagonka bai taɓa sayarwa ba.

Yanzu ga yadda maganar za ta kasance. Na sa adadin lodi 62 a matsayin misali, kai ka buɗe littafinka da rasidanka ka ƙirga ainihin adadin, kada ka yi ƙiyasi, domin akawunsa zai duba.

"Assalamu alaikum Alhaji, Allah ya ƙara arziki. Na turo cikon kuɗin lodin da ya wuce yau da safe, babu komai a kaina yanzu. Saƙon da na turo makon jiya ban yi bayani yadda ya kamata ba, a yi min afuwa. Alhamdu lillahi ciniki yana tafiya. Shekara biyu da rabi ke nan muna tare, na yi lodi 62, na biya 60 a ranarsu, biyu na yi lattin kwana uku. Fulawa da sukarin da nake ɗauka masu gidajen burodi nake ba, kuɗinsu yana kammala shigowa ne tsakanin kwana 17 zuwa 20 daga ranar lodi. Shi ya sa nake neman a kan fulawa da sukari kaɗai a mayar min da wa'adi kwana 21. Sauran kaya zan ci gaba da biya a kwana 7. Na yi lissafi, abin da zai taru a kaina ba zai wuce miliyan 3 ba, kuma in ya kai haka ba zan nemi ƙarin ko buhu ɗaya ba sai na rage. Ni kuma daga ɓangarena, man girki da sabulu na kusan 600,000 da nake saya a wani wuri zan dawo da su wurinka, kuɗi hannu ranar lodi, kuma zan riƙa turo oda tun Litinin. Ina so a gwada a lodi uku. In na saɓa ko da kwana ɗaya ne, a mayar da ni kwana 7, ba zan yi ƙorafi ba. In ka ba ni dama zan shigo ranar Alhamis mu rubuta."

Ka lura babu rantsuwa a ciki ko ɗaya. A shagon da na zauna, yawan wallahi a maganar bashi ba ya ƙara wa mutum komai, wani lokaci ma yana sa a ƙara duba shafinsa. Lodi 60 a ranarsu sun fi kowace rantsuwa nauyi, kuma ga su a rubuce a littafinsa.

Za ka iya jin kamar ambaton lattin nan biyu tona wa kai asiri ne. Ba haka ba ne. Alhaji ya san da su, ko shi ya manta akawu bai manta ba. In ka ce ba ka taɓa latti ba, aka buɗe littafi aka ga biyu, duk sauran maganarka ta raunana. In kai ka fara faɗa, ya san mutumin da ke gabansa yana riƙe da lissafin kansa, har da wanda ba ya yi masa daɗi. Na tuna wani mai shago da ya zo wurin maigidana da irin wannan buƙata. Ya zaro wani ɗan littafi mai bangon leda daga aljihun gaba, ganyensa duk sun yi laushi, ya buɗe ya ce, "Alhaji, ranar kaza na yi maka lattin kwana huɗu, lokacin da mota ta lalace mana a hanya." Maigidan ya dube ni, na duba, haka ne daidai. Bai ƙara tambayar komai ba, ya ce in rubuta masa sati biyu. A ranar kuma an mayar da wani da ya fi shi yawan saye, saboda da aka tambaye shi nawa ne a kansa sai ya ce sai dai a duba.

Jumlar gwaji a lodi uku ita ce take sauƙaƙa wa Alhaji cewa to. Babban mutum ba ya son ya ba da abu sannan ya zo yana janyewa, yana jin nauyin hakan kamar yadda kake jin nauyin roƙo. In ka ajiye masa hanyar fita tun farko, kuma ka sa ta a wuyanka, ba sai ya yi dogon nazari ba. Ban sa ƙarin naira 500 a saƙon ba da gangan. Ka riƙe shi a hannu. In kun zauna ka ga yana jinjina kai yana maganar tsadar kaya a kamfani, sannan ka fito da shi.

Ban kuma sa sunayen masu burodin ba. Ya isa ya san irin mutanen da kake ba kaya da yadda suke biya. In ya nemi gani, ka nuna masa shafin littafinka yana hannunka, amma ba dole ba ne ka miƙa jerin kwastomominka da lambobinsu ga wanda yake sayar da irin kayan da kake sayarwa, ko da ka yarda da shi, domin ba shi kaɗai ne a shagon ba.

Saƙon waya share fage ne kawai, maganar a gaba da gaba za ta ƙare. Ka tura shi a ranar da kuɗinka suka shiga asusunsa, lokacin sunanka yana da haske a idonsa. In ka je, kada ka tayar da zancen ana tsakiyar lodi, yara na kai da kawo, ga wasu kwastomomi zaune a benci. In ya amsa maka a gabansu, gobe kowa zai zo da tasa buƙatar, shi ma ya san haka, don haka zai ce a'a ko da yana so. Ka jira bayan Azahar ko lokacin da shago ya lafa, ka nemi ganinsa ku biyu. Kada kuma ka kai wannan magana ana gab da azumi, lokacin da kowa yake neman sukari da kuɗi a hannu, buhun da zai ba ka bashi akwai mai jiran ya biya nan take.

Yana iya neman wanda zai tsaya maka. Wannan ba raini ba ne, al'adar kasuwa ce, sai ka tanadi mutum ɗaya da ya sani kuma yake ganin girmansa, ka sanar da mutumin ainihin adadin tun kafin ka ambaci sunansa. In kuma aka zo maganar cek mai kwanan wata na gaba, ka san abin da kake sa wa hannu. A dokar Najeriya ta 1977, ba da cek ɗin da banki ya mayar saboda babu isassun kuɗi laifi ne da ke iya kai mutum ɗaurin shekara biyu. Kada ka rubuta shi sai ka tabbata kuɗin za su riga ranar isa asusu. Takardar gida ko ta shago kuwa ba a jinginar da ita a kan bashin fulawa na sati uku, abin ya fi ƙarfin buƙatar.

In kun daidaita, ku rubuta, ko da a shafi ɗaya ne: irin kayan da wa'adin ya shafa, kwana nawa, daga wace rana ake ƙirgawa, iyakar bashi, lodi nawa ne gwajin. Kowa ya riƙe kwafi, akawu ya shaida. In ka ji nauyin neman a rubuta, ka tuna aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashin da aka yanka wa wa'adi. Ba wanda zai ce ka zarge shi don ka bi ta. Wurin da rigima ta fi fitowa shi ne ranar fara ƙirga, kai kana lissafi daga ranar da kaya suka iso Azare, akawu yana yi daga ranar lodi, sai a wayi gari an rubuta maka latti kai ba ka sani ba. Shi ya sa na fi son a ce Alhamis ta uku, ba kwana 21 kawai ba.

Zai yiwu ya ce sati uku ya yi yawa, ya ba ka biyu. Ka karɓa da godiya, ba tare da ja-in-ja ba. In ka riga ka sa masu burodi suna kawo kashi ɗaya cikin uku a kwana na 7, giɓin da zai rage maka na 'yan kwanaki ne, kuma bayan lodi uku ko huɗu da ka cika a ranarsu kana da bakin sake magana. In kuma ya ce a'a gaba ɗaya, kada ka yi fushi ka janye cinikinka, wataƙila shi ma kamfani ya matse shi a lokacin. Ka tambaye shi cikin ladabi me zai so ya gani kafin ya amince nan gaba, ka ci gaba da biya a kwana 7, ka rage fulawar da kake bayarwa bashi zuwa abin da jarinka zai iya ɗauka.

Haɗarin da na fi ji maka yana zuwa ne bayan an ce to. Daga kwana na 7 zuwa na 21 kuɗin masu burodi za su riƙa shigowa kaɗan-kaɗan, su zauna a hannunka, su yi kama da naka. A nan ne ake cewa bari in ɗan juya su a buhun shinkafa kafin Alhamis, ko a taɓa su don hidimar biki. Ka ware musu wuri daban, ko asusu na biyu, duk abin da ya shigo daga fulawa da sukari ya tafi can. In ma ya taru da yawa, ka tura wa Alhaji tun kafin ranar, ba wanda yake ƙin karɓar kuɗinsa da wuri. Ka riƙa duba asusun kowace Litinin ta satin biya. In a ranar abin da ke ciki bai kai kashi biyu cikin uku na cikon da za ka biya ba, ka san akwai matsala, ka bi masu burodi a ranar, kuma in ka ga ba za ta haɗu ba ka kira Alhaji tun Talata ka gaya masa nawa zai samu ranar Alhamis da ranar da ragowar za ta iso. Kada ka bari shi ya fara kiranka.